Agon a rufaffiyar silinda da agon a ƙarƙashin fiston: me ya sa sakamakon ya bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe na sanawiyya a nan Jidda, ina shirin jarabawar tahsili. Littafinmu ya ce idan aka ƙara matsi, daidaito yakan karkata zuwa ɓangaren da mol ɗinsa ya fi kaɗan. Amma a shafi na gaba ya ce idan aka ɗura agon a rufaffen mazubi, matsi ya hau, babu abin da zai canza. Yayana kuma da ke aiki a masana'antar taki a Jubail ya ce agon na rage musu amoniya, har fitar da shi suke yi. Wanne zan kama?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Duka ukun gaskiya ne, kuma dalili ɗaya ne ya ɗaure su. Daidaiton nan, wato halin da sauyin sinadarai ke tafiya gaba da baya da sauri ɗaya, wanda littafinku na Larabci ke kira ittizan, bai san abin da allurar geji ke nunawa ba. Abin da ya sani shi ne kason matsin kowane gas da ke cikin sauyin, wato yawan ƙwayoyinsa a cikin kowace lita ɗaya. Saboda haka duk lokacin da aka ce maka an ƙara gas ɗan kallo irin agon, wanda ba ya haɗuwa da kowa a mazubin, tambaya ɗaya za ka yi: filin da gas ɗin ke ciki ya ƙaru, ko yana nan yadda yake? Idan yana nan, daidaito ba zai motsa ba. Idan ya ƙaru, an tsinka masu aikin ke nan, kuma daidaito zai karkata zuwa ɓangaren da ya fi yawan mol na gas.

Tushen maganar dokar Dalton ce ta 1801. Kowane gas a cikin gauraye yana dukan bangon mazubi kamar shi kaɗai ne a ciki, kuma jimillar matsi ita ce tarin waɗannan kaso-kaso. Kason kowanne ana samunsa haka:

```
p = nRT / V
```

Duba abin da ke cikin wannan lissafi da kyau. Akwai mol na gas ɗin kansa, akwai zafi, akwai girman mazubi. Babu wurin da aka ambaci maƙwabcinsa. Wannan kan yi wa ɗalibai wuyar haɗiya, don suna kallon mazubin kamar motar haya da ta cika, wadda duk wanda ya ƙara shiga sai ya takura na ciki. Gas a matsin bar 1 ba haka yake ba. Ƙwayoyin da kansu ba su cinye fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu na filin ba, sauran duk sarari ne. Agon ya shigo ya sami wuri ba tare da ya ƙwace na kowa ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, wanda ido ma yana iya gani:

```
N2O4 ⇌ 2NO2
Kp = (pNO2)² / pN2O4 ≈ 0.15   (25 °C, bar)
```

N2O4 ba shi da launi, NO2 kuwa ja ne mai duhu kamar ruwan shayi da ya daɗe a wuta. A hagu mol ɗaya, a dama mol biyu.

Ka zuba mol 1 na N2O4, ka bar shi ya daidaita a digiri 25 da matsin bar 1. Kusan kashi 19 cikin 100 zai rabu. Za a sami mol 0.81 na N2O4 da mol 0.38 na NO2, jimilla mol 1.19, kuma za su cika lita 29.5. Kason N2O4 shi ne 0.81 a raba da 1.19, wato bar 0.681, na NO2 kuma bar 0.319. Ka gwada da kanka: 0.319 sau 0.319, a raba da 0.681, zai ba ka 0.15, wato Kp, lambar da lissafin ke bayarwa idan an kai daidaito. Muna kan daidaito.

Yanzu a ce wannan gauraye yana cikin silindar ƙarfe mai lita 29.5 wadda ba ta buɗewa ba ta tsukewa. Aka ɗura mol 1 na agon, aka jira zafi ya koma digiri 25. Geji zai tashi daga bar 1 zuwa bar 1.84, don agon ya zo da nasa kason na bar 0.84. To amma N2O4 yana nan mol 0.81 a lita 29.5, NO2 yana nan mol 0.38 a lita 29.5. Kasonsu bai taɓu ba, Q, wato lissafin nan na Kp idan aka yi shi da kason da ake da shi a yanzu, yana nan 0.15 daidai da Kp, launin bai ƙara duhu ba bai ƙara haske ba.

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, kuma ta hanyoyi biyu masu karo da juna. Na farko ya ga matsi ya kusa ninkuwa, sai ya ce daidaito zai koma hagu, wajen mol ɗaya. Na biyu ya fi shi zurfin tunani, ya ce ai rabon NO2 a cikin gaurayen ya ragu, don da 0.38 ne cikin 1.19, yanzu ya zama 0.38 cikin 2.19, saboda haka an tsinka shi, zai tafi dama. Kowannensu rabin lissafi ya kama ya saki rabi. Kason matsi shi ne rabon gas sau jimillar matsi. Rabon NO2 ya sauko zuwa 0.174, gaskiya ne, amma jimillar ta hau zuwa 1.84, kuma idan ka ninka su za ka koma kusan bar 0.32 da ka fara da shi. Abin da aka rasa ta nan an maido shi ta can, babu ragi babu ƙari. Ina so ka yi wannan ninkawar da hannunka sau ɗaya, don wanda ya yi ta ba ya sake ruɗewa.

Ƙa'idar da Le Chatelier ya fitar a 1884 ba ta yi kuskure ba, taƙaita ta da ake yi a littattafai ne ke jawo matsala. Inda aka rubuta "ƙara matsi", abin da ake nufi shi ne a danne gas ɗin a rage masa fili. A wannan halin kason kowa yana hawa tare, shi ya sa daidaito ke amsawa. Matsin da agon ya ƙara a rufaffiyar silinda bangon ƙarfe ne kawai ke jin sa.

Sai hali na biyu, wanda ya fi buƙatar natsuwa. Gaurayen nan dai, amma a ƙarƙashin fiston mai zamewa ba tare da tirjiya ba, iskar waje na danna shi da bar 1. Ka shigar da mol 1 na agon. Fiston ba zai yarda matsin ciki ya wuce na waje ba, sai ya ja baya. Kafin sauyin ya ce komai, mol 2.19 a bar 1 na buƙatar lita 54.3. Ƙwayoyin N2O4 da NO2 ba su ƙaru ba, amma filinsu ya kusa ninkuwa. Kason NO2 ya faɗo zuwa bar 0.174, na N2O4 zuwa bar 0.370.

Dukansu sun ragu da ma'auni ɗaya, to me ya sa daidaito zai damu? Saboda a lissafin Kp ba a yi musu awo ɗaya ba. NO2 yana sama kuma an ninka shi da kansa, don haka raguwar ta same shi sau biyu, N2O4 da ke ƙasa kuwa sau ɗaya. Sabon Q ya zama 0.174 sau 0.174 a raba da 0.370, wato kusan 0.082. Ya yi ƙasa da 0.15, kuma Kp ba ya canzawa sai zafi ya canza. Hanya ɗaya ta rage: ƙarin N2O4 ya rabu har Q ya hau ya cim ma Kp.

Idan kana so ka ga dalilin a matakin ƙwayoyi, ga shi. Kafin NO2 ya koma N2O4, dole ƙwayoyi biyu su yi karo. Da fili ya yi faɗi, haɗuwarsu ta yi wuya ƙwarai. Rabuwar N2O4 kuwa ba ta jiran wani ɗan'uwansa ya zo, don haka faɗin fili bai rage ta kamar yadda ya rage haɗuwa ba. Na ɗan lokaci rabuwa ta rinjayi haɗuwa, har NO2 ya taru ya maido da kunnen doki.

A ina zai tsaya? Idan α shi ne rabon N2O4 da ya rabu daga mol 1 na farko, jimillar mol tare da agon ita ce 2 + α, sai lissafin ya zama:

```
4α² / [(1 − α)(2 + α)] = 0.15
4.15α² + 0.15α − 0.30 = 0
α ≈ 0.25
```

Rabuwa ta tashi daga kashi 19 zuwa kashi 25 cikin 100. NO2 ya ƙaru daga mol 0.38 zuwa mol 0.50, N2O4 ya sauko zuwa mol 0.75, fiston kuma ya ƙara ja baya kaɗan zuwa lita 55.8, don rabuwar ta haifar da ƙarin ƙwayoyi. Kuskuren da aka fi yi a wannan lissafi shi ne mantawa da agon a jimillar mol. Wanda ya rubuta 1 + α a maimakon 2 + α zai sake samun 0.19, ya ce babu abin da ya canza. Agon ba ya cikin Kp, amma yana cikin jimillar da ake raba kowa da ita.

Ga wani abu da masu tsara jarabawa ke so, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Daidaito ya tafi dama, NO2 ya ƙaru, sai ɗalibi ya rubuta cewa launi zai ƙara duhu. Akasin haka ne. Ido, idan ya kalli silinda ta gefe, yawan NO2 a kowace lita yake gani. Da farko mol 0.38 ne a lita 29.5, wato 0.0129 a lita. A ƙarshe mol 0.50 ne a lita 55.8, wato 0.0090 a lita. Launin ya fi na da haske. Abin da ke faruwa shi ne launi ya dusashe sosai lokacin da fiston ya ja baya, sannan rabuwar ta maido da wani ɓangare, ba duka ba. Kason NO2 ya faɗi daga 0.319 zuwa 0.174, ya farfaɗo zuwa 0.223, a nan ya tsaya. A wannan sauyin rabuwa da haɗuwa suna da sauri ƙwarai, don haka da wuya ido ya raba matakan biyu, amma a takarda dole ka raba su. Ka karanta tambaya da kyau ka ga ko yawan mol aka tambaye ka ko yawansa a lita, don amsoshin biyu suna fuskantar gabas da yamma ne.

Duk wannan ana iya ɗaure shi a layi ɗaya. Idan Δn shi ne mol na gas a dama a debe na hagu, kuma Qn shi ne Q da aka rubuta da mol zalla, to:

```
Q = Qn × (P / n_jimilla)^Δn = Qn × (RT / V)^Δn
```

Siffa ta biyu ita ce mai warware komai, don babu agon a cikinta sam, sai V. A rufaffiyar silinda P da jimillar mol suna hawa tare, rabonsu bai canza ba. A ƙarƙashin fiston P na tsaye, jimillar mol na hawa, sai rabon ya sauko. Idan Δn sifili ne, kamar a H2 + I2 ⇌ 2HI, komai aka ɗaga zuwa sifili ɗaya ne, don haka ko a fiston ma agon ba ya motsa komai. Wajen ƙirga Δn gas kaɗai ake ƙirgawa. A CaCO3 ⇌ CaO + CO2, wato ƙona dutsen farar ƙasa, daskararru biyun ba su shiga lissafi, Δn ɗaya ne, kuma ƙara ɗan kallo a tsayayyen matsi zai sa ƙarin dutse ya rushe har kason CO2 ya koma inda yake, muddin dutsen bai ƙare ba.

Yanzu maganar yayanka ta zo da sauƙi. A sauyin N2 + 3H2 ⇌ 2NH3, mol huɗu ne ke komawa biyu, Δn ya zama −2. Masana'antar amoniya ba rufaffiyar silinda ba ce da ake ta ɗura wa gas matsi na hawa. Kwamfuresa da bututun an ƙera su ne don wani matsi ƙayyadadde, galibi tsakanin bar 150 zuwa 250, ba a wuce shi. Jimillar matsi a tsaye take ke nan, kuma duk bar ɗin da ɗan kallo ya riƙe, daga hannun naitirojin da haidirojin ya karɓe shi.

Daga ina 'yan kallon ke shigowa? Naitirojin daga iska ake samo shi, iska kuwa tana ɗauke da agon kusan kashi 0.93 cikin 100. Haidirojin daga gas ɗin ƙasa ake fitar da shi, kuma akan sami ragowar gas ɗin mitan da ya biyo shi. A zagaye ɗaya ta cikin katalis ɗin ƙarfe ba duka gas ke zama amoniya ba, sai a sanyaya gaurayen, amoniya ta zama ruwa a cire ta, sauran a maida shi ya sake zagayawa. Naitirojin da haidirojin suna da ƙofar fita, wato su zama amoniya. Agon da mitan ba su da ita. Kaɗan-kaɗan suke shigowa, amma kowane zagaye suna taruwa, har a masana'antu da dama akan bar su su kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na gas ɗin da ke zagayawa.

Mu sa lamba. A matsin bar 200, idan 'yan kallo sun kai kashi 12 cikin 100, sun riƙe bar 24, masu aiki da amoniyarsu sun rage da bar 176. Idan naitirojin da haidirojin suna kan rabon ɗaya da uku, kason amoniya a daidaito yana bin jimillar kasonsu ne a ninke da kanta:

```
y / (1 − i − y)² = C
```

A nan y rabon amoniya ne, i rabon 'yan kallo, C kuma lamba ce da zafi da jimillar matsi suka tsayar. A ce ba tare da ɗan kallo ba ana samun amoniya kashi 18 cikin 100. C zai zama 0.18 a raba da abin da 0.82 sau 0.82 ya bayar, wato 0.268. Ka sa i ya zama 0.12, ka gwada lambobi har ɓangarorin biyu su yi daidai, za ka sami y kusan 0.145. Amoniya ta sauko daga 18 zuwa 14.5, an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar, alhali geji bai motsa daga bar 200 ba. Shi ya sa ake buɗe wata ƙaramar hanya ana fitar da wani ɓangare na gas ɗin da ke zagayawa ba dare ba rana. Wannan fitarwar tana da tsada, don haidirojin mai kyau na fita tare da agon, saboda haka akan tace shi a maido. Idan aka fitar da yawa an yi asarar haidirojin, idan aka fitar da kaɗan amoniya ta ragu, kuma ma'aikata kan gane hakan ne daga awon agon da mitan a na'urar tantance gas, ba daga geji ba.

Akwai kuma inda ake neman wannan tsinkawar da gangan. Wajen yin sitirin, wanda ake robobi da shi, ƙwaya ɗaya ce ke rabuwa ta ba da sitirin da haidirojin, Δn ɗaya ne, don haka akan haɗa da tururi mai yawa. Tururin yana kawo zafi, yana kuma rage kason masu aiki, sai rabuwar ta ƙaru. Abin da ke cutar da amoniya shi ne ke amfanar sitirin, bambancin alamar Δn ce kawai.

Sharuɗɗa uku ne maganar "ba ya motsawa" ta rataya a kansu, kuma idan gwaji ya saɓa wa littafi, cikinsu za ka nemi dalili.

Mafi yawan ɓarna daga zafi take zuwa. Ɗura gas da ƙarfi cikin rufaffiyar silinda yana ɗumama abin da ke ciki. Rabuwar N2O4 tana shan zafi, kusan kilojul 57 a kowane mol, kuma Kp ɗinta yakan ninku biyu idan aka tashi daga digiri 25 zuwa 35, ya kai kusan ninki huɗu a digiri 45. A gari irin Jidda, bambancin ɗaki mai na'urar sanyi da bakin taga da rana ya isa ya canza launin fiye da duk abin da agon zai yi. Idan launi ya yi duhu bayan ɗura agon sannan ya koma yadda yake bayan 'yan mintoci, zafi ne, ba agon ba. Shi ya sa ake tsoma mazubin a ruwa mai tsayayyen zafi kafin a karanta komai.

Sannan ɗan kallo sai ya zama ɗan kallo da gaske a wannan sauyin. Naitirojin ɗan kallo ne a gaurayen N2O4 da NO2, amma a amoniya shi ne mai gida. Dole kuma gas ɗin ya zama busasshe, don NO2 na haɗuwa da danshi ya zama asid, sai launi ya dusashe a zaci daidaito ne ya motsa. NO2 guba ne ga huhu, yana kuma cin roba, ba a taɓa shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi na ɗakin gwaji tare da malami.

Na ƙarshe, dokar p = nRT/V ta ɗauka ƙwayoyi ba su cin fili kuma ba su jan juna. A bar ɗaya ko biyu wannan daidai ne har ba a ganin bambanci. A ɗaruruwan bar kuwa sararin nan da muka ce ya yi yawa ya ragu ƙwarai, ƙwayoyi na jin maƙwabtansu, kuma ko a rufaffiyar silinda agon mai yawa zai ɗan motsa daidaito. Injiniyoyi kan gyara lissafinsu da wani ma'auni da ake kira fugasiti don wannan. A tahsili ba za a kai ka can ba. Idan ka ga an rubuta mazubi mai ƙarfi, ko rufaffe, ko an ba ka lita tsayayyu, amsar ita ce babu motsi. Idan ka ga fiston mai motsi ko an ce matsi a tsaye yake, sai ka ƙirga mol na gas a ɓangarorin biyu, ka bi wanda ya fi yawa, kada kuma ka manta da sa agon a jimillar mol idan lissafi aka nema. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe da yayan naka.